Kwamishan ya fita sau biyu da ƙarfe 1:30 na dare, alhali mu ba ma canza agogo

"Salam Injiniya. Ina da ɗan shafin sayar da data da katin waya a nan Kawo, da Laravel aka gina min shi. Kullum 1:30 na dare yake tura wa ejan-ejan ɗina kwamishan ɗin jiya a walet. Daren Asabar wayewar Lahadi 26 ga Oktoba 2025 sai ya tura sau biyu, na duba log na ga 01:30 har sau biyu, kuma tun ranar duk rasit yana nuna awa ɗaya baya. Wani ya ce min canjin agogo ne, amma ai mu a Najeriya ba ma canza agogo. Ko dai kutse aka yi min?"

Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka, wannan bai yi kama da kutse ba ko kaɗan, ɓarawo ba zai shigo ya raba wa ejan-ejan ɗinka kuɗi daidai wa daida sannan ya mayar maka da agogo baya ya tafi ba. Wanda ya ce maka canjin agogo ne gaskiyarsa. Kai ma kuma gaskiyarka, agogon Najeriya yana nan daram, awa ɗaya gaba da GMT rani da damina. Abin da ya faru shi ne manhajarka ba da agogon Najeriya take aiki ba, da na Landan take aiki, kuma ranar da ka ambata ita ce ainihin ranar da Birtaniya ta mayar da agogonta baya a 2025.

Nasan za ka ce ai da can daidai yake nunawa. Eh, nan tarkon yake. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Landan tana matsar da agogonta awa ɗaya gaba da GMT, wato ta zo daidai da mu cif. Duk wanda ya haɗa maka shafin a tsakanin nan, ko a Yuni ne ko a Agusta, in ya ga lokaci bai yi daidai ba ya laluba ya zaɓi `Europe/London`, zai ga agogo ya zauna daidai da na wayarsa, ya ce alhamdulillahi ya wuce. Wasu kuma haka suke sayen manhajar da saitin a ciki, ba wanda ya taɓa. Wata bakwai abu yana tafiya lafiya lau, sai dare ɗaya. Kuma wannan canjin duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san shi ko bai san sunansa ba: wasan Firimiya na ƙarfe 3 na ranar Asabar, a farkon kaka ƙarfe 3 muke kallonsa, da ƙarshen Oktoba ya wuce sai ya koma ƙarfe 4 bayan la'asar. Su ne suka matsa, mu muna inda muke.

Yadda daren ya gudana

Ka riƙe agogo uku a kanka: na Kaduna, na Landan, da UTC, wanda shi ne na'urori suke ƙirge da shi, kuma a wannan maganar ɗaya yake da GMT ɗin da muke ji a rediyo.

Ƙarfe 1:30 na dare a Kaduna, Landan ma 1:30, UTC kuma 00:30. Manhaja ta duba ta ga lokaci ya yi, ta biya kwamishan. Wannan biyan halak ne. Aka ci gaba har 1:59 da daƙiƙa 59. Daƙiƙar da ta biyo baya, Kaduna ta shiga ƙarfe 2:00, ita kuwa Landan maimakon ta ce 2:00 sai ta ce 1:00, ta sake ƙirga awar daga farko. Bayan minti talatin, a Kaduna 2:30, a UTC 01:30, a agogon manhajarka kuma 1:30 ta sake zagayowa. Ta duba ta ga lokaci ya yi, ta tambayi kwanan watan jiya, aka ce mata 25 ga Oktoba kamar ɗazu, ta biya.

Ga hanyar da za ka tabbatar ba tare da ka buɗe komai ba. In tsarinka yana tura saƙon tes ko imel in kwamishan ya shiga, ka sa wani ejan ya duba lokacin da wayarsa ta karɓi saƙonnin biyu. Za ka ga ɗaya 1:30, ɗaya 2:30. Wayarsa da agogon Najeriya take, ita ba ta ruɗe ba. In kana iya shiga saba kuma, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, rubuta wannan:

```
zdump -v -c 2025,2027 Europe/London
```

A cikin abin da zai fito za ka ga layuka biyu kamar haka, ɗaya a bayan ɗaya:

```
Sun Oct 26 00:59:59 2025 UT = Sun Oct 26 01:59:59 2025 BST
Sun Oct 26 01:00:00 2025 UT = Sun Oct 26 01:00:00 2025 GMT
```

Ka ga ɓangaren hagu yana tafiya gaba abinsa, na dama ne ya yi tsalle baya. In ka sa `Africa/Lagos` a madadin Landan ba za ka ga layin canji ko ɗaya ba a waɗannan shekarun.

Wani zai ce ai `cron`, mai tayar da ayyuka a saba in lokacinsu ya yi, ya san da wannan matsalar. Gaskiya ne, wanda ke zuwa da Debian da Ubuntu an koya masa: in agogo ya koma baya da abin da bai kai awa uku ba, aikin da aka sa wa tsayayyen lokaci ba ya maimaita shi, in kuma agogo ya yi tsalle gaba ya haura lokacin aikin, yana gudanar da shi nan take bayan tsallen. To amma Laravel ba haka yake amfani da shi ba. Layi ɗaya tak ake ba wa `cron`:

```
* * * * * cd /var/www/app && php artisan schedule:run
```

Wato kowane minti a tashi Laravel, shi kuma ya kalli agogonsa ya tambayi kansa, yanzu 01:30 ce? In eh ya yi aikin. Ba ya ajiye tarihin cewa ɗazu ya yi. Duk wayon da `cron` yake da shi bai shiga lissafin ba, don shi a wurinsa aikin kowane minti ne kawai. Su kansu masu Laravel sun rubuta gargaɗin a bayanansu, cewa in ka sa yankin da ke canza agogo aiki na iya gudana sau biyu ko ya ƙi gudana sam. Kuma kar wani ya ce maka a saka `withoutOverlapping()` an gama, wannan yana hana aiki biyu su hau kan juna ne a lokaci guda, naka kuwa na farko ya gama ya tafi tun kusan awa ɗaya kafin na biyu ya zo.

Akwai ɓarnar da ba ka ambata ba, watakila ba ka lura ba tukuna. Tun daga ranar, kwamishan 2:30 yake fita a agogonmu. Sha biyun daren manhajarka ya koma ƙarfe 1 na dare a Kaduna, don haka duk datar da aka saya tsakanin 12 da 1 na dare, lokacin da samari suke cikin hira sosai, a lissafin jiya take faɗawa. Ita kanta ranar 26 ɗin awa 25 gare ta a rahotonka. In kana gwada lissafinka na rana da na kamfanin da kake sarin data a wurinsu, tun ranar za ka ga kullum akwai ɗan bambanci, yau kai ne sama gobe su ne, jimillar wata kuma ta kusa daidaita. Da ka ga irin wannan alamar ka fara zargin iyakar rana kafin ka zargi yaron shago.

Sannan in ka bar shi haka, ɗaya ɓarin yana jiranka ranar Lahadi 29 ga Maris 2026. A daren agogon Landan zai tashi daga 00:59:59 ya dira a 02:00:00. Babu 01:30 a wannan ranar kwata-kwata, Laravel na iya yin ta tambaya kowane minti bai ji eh ba, kwamishan ɗin 28 ga Maris ya ƙi fita. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan na Oktoba, saboda ba ya barin sawu: babu kuskure a log, babu jan rubutu, layin ne kawai babu, kuma ba kowa ke lura da layin da babu ba sai ejan ya kira da safe yana faɗa. Washegari kuma aikin ya biya na "jiya" ya ci gaba abinsa, ranar da aka tsallake ta tafi kenan in ba wani ya tuna ba.

Log da ke da 1:30 biyu

Layin log na Laravel haka yake fita in ba a taɓa saitinsa ba: `[2025-10-26 01:30:00] production.INFO:` sai bayani. Babu abin da ke nuna wace 01:30 ce. Kamar layi ɗaya ne a unguwa da gida biyu masu lamba ɗaya, in ba ka san wanda ke farkon layi ba lambar ba ta raba maka gardama. Shi kuwa log ɗin Nginx, manhajar da ke karɓar masu shiga shafin, yana ƙara tazarar agogon da UTC a ƙarshe, ka ga `[26/Oct/2025:01:30:02 +0100]`, in na biyun ne kuma `+0000`. Waɗannan 'yan lambobin su ne maganin gaba ɗaya, lokacin da aka rubuta da tazararsa ba ya da ma'ana biyu. Sai dai ka lura, Nginx agogon saba yake bi, ba na Laravel ba, zai yiwu ka tarar shi yana UTC ko wani abu daban. In ana amfani da `journalctl` kuma, shi a ciki ƙirgen daƙiƙoƙi yake ajiyewa, `journalctl --utc` zai jero maka komai a miƙe.

Fayil ɗin log da sauƙi, tunda a jere ake rubuta shi: karanta daga sama, inda ka ga lokaci ya faɗo daga 01:59 zuwa 01:00 nan ne iyakar. Matsalar tana zuwa ne in an jera da lokaci. A databes in ka ce `ORDER BY created_at`, cinikin awa biyu ne za su cakuɗe cikin awa ɗaya. Za ka ga an cire wa mutum kuɗin data kafin ya zuba kuɗi a walet, ka ga ragowar kuɗinsa tana hawa tana sauka ba kan gado, ka ga cinikin da ya fara 01:55 ya gama 01:05, wato ya gama minti hamsin kafin ya fara, alhali minti goma ya ɗauka. Irin wannan ne yake sa mutum ya rantse an yi masa kutse. Lambar sirrin nan ta shiga mai mutuwa bayan minti biyar ita ma abin yana taɓa ta, wadda aka tura 01:58 na farko, gwargwadon yadda aka rubuta lissafin, ko ta mutu nan take ko ta rayu sama da awa ɗaya.

Abin da zai cece ka shi ne lambar `id`, don ita hawa kawai take yi, ba ruwanta da agogo.

```sql
SELECT id, created_at FROM transactions
WHERE created_at BETWEEN '2025-10-26 00:50:00' AND '2025-10-26 02:10:00'
ORDER BY id;
```

Mu ɗauka ka ga haka a tsakiya:

```
48211  01:57:40
48212  01:59:12
48213  01:00:31
```

To 48213 ita ce ta farko bayan canji. Duk abin da ke sama da ita lokacinsa daidai yake da na Kaduna, daga ita zuwa ƙasa kuma sai ka ƙara awa ɗaya kafin ka sami na Kaduna. Rubuta wannan lambar ka ajiye, kowane tebur da tasa.

Amma dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne in akwai ciniki sosai a awannin biyu. In tebur ɗin layi ɗaya ne kawai a ciki mai 01:20, babu na gabansa babu na bayansa da za su nuna tsalle, daga cikin tebur ɗin ba za ka taɓa sanin ko 1:20 ce ko 2:20 ba, bayanin ba a rubuta shi ba tun farko. Sai dai ka nemo shaida daga waje: lokacin da kamfanin karɓar kuɗi ya rubuta wa wannan lambar cinikin, ko log ɗin Nginx, ko alat ɗin bankin kwastoma. In babu ko ɗaya, ka bar shi ka yi masa alama cewa lokacinsa bai tabbata ba, ya fi ka ƙirƙira.

Gyaran agogon

Wuri uku ake saita lokaci kuma ba dole bakinsu ya zo ɗaya ba. Ita saba, `timedatectl` zai faɗa maka. Laravel, ka buɗe `config/app.php` ka nemi layin `timezone`, a nan nake sa ran za ka tarar da Landan, in ba nan ba to a jikin layin aikin kwamishan ɗin. Sai MySQL, `SELECT @@global.time_zone, @@session.time_zone;`, in ya ce `SYSTEM` to saba yake bi. Ƙasar da sabar take zaune ba ta da wani tasiri, na'urar da ke Landan za ta iya aiki da agogon Legas lafiya, wadda ke Legas ma za a iya saita ta da na Landan.

Zaɓi biyu ne gabanka. Ko ka mayar da komai `UTC`, sai wurin nuna wa mutane a juya zuwa agogonmu, ko ka mayar da komai `Africa/Lagos`. Duk biyun ba sa tsalle. A aikin da na fara da hannuna UTC nake sawa, don gobe in ka haɗa da wani kamfanin waje ko ka ƙara saba ta biyu ba ka da ciwon kai. Kuma a hunturu ne ya fi arha, saboda daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Landan da UTC abu ɗaya ne, in ka sauya a tsakanin nan ko daƙiƙa ɗaya ba za ta motsa ba. Sai dai kuɗinsa shi ne dole a bi duk inda ake buga rasit, da duk inda aka rubuta "yau" ko "jiya" a lissafi, a sa masa agogon Legas, in ba haka ba rasit zai ci gaba da nuna awa ɗaya baya har abada. In manhajar saye aka yi, wanda ya haɗa maka kuma sai an yi ta kira kafin ya ɗauka, ni shawarata ka sa `Africa/Lagos` ka huta. Kwastomominka duk a nan suke, kuɗinka naira ne, ba abin kunya ba ne.

In Legas ka zaɓa, ka sani ranar da za ka sauya kai ma za ka haifar da taka ɓatacciyar awar, agogon manhaja zai yi tsalle daga misali 10:00 zuwa 11:00. Don haka ka zaɓi lokacin da babu wani aiki da aka tsara a cikin awar, ka rufe shafin na 'yan mintuna da `php artisan down`, ka ɗauki kwafin databes tukuna, ka rubuta `id` ta ƙarshe a kowane tebur, sannan ka sauya. Bayan nan `php artisan config:cache` da `php artisan queue:restart`, don masu aikin bayan fage suna riƙe da tsohon saiti a kansu har sai an sake tashinsu, in ka manta rabin tsarin zai rubuta lokacin Legas rabi na Landan, ka ga an koma gidan jiya har da ƙari. Tsofaffin layuka kuma:

```sql
UPDATE transactions
SET created_at = created_at + INTERVAL 1 HOUR
WHERE id BETWEEN 48213 AND 61950;
```

inda 61950 take matsayin ta ƙarshen da ka rubuta. Kar ka yi wa `updated_at` wannan lissafin da `id` ido rufe, tsohon layi na iya samun gyara bayan canji. Kuma in shafin ya girmi 30 ga Maris 2025, to akwai wani zangon hunturu a baya mai buƙatar irin wannan ƙarin.

Gyaran da ya fi na agogo

Ko ka gyara agogo tsaf, ni ban yarda a bar kuɗi a hannun agogo shi kaɗai ba. Aikin da ke biyan kuɗi don kawai ya ga 01:30 zai sake biya sau biyu ranar da wani ya danna shi da hannu don gwaji, ko ranar da aka kwafi saba aka manta tsohuwar tana kunne, kuma zai tsallake ranar da saba ta mutu daga 1:25 zuwa 1:35. Canjin agogo dai ya tona asirin raunin ne. Abu biyu za ka sa a yi maka.

Na farko, databes da kanta ta ƙi biya na biyu. A teburin kwamishan a sa ginshiƙin ranar da ake biya wa, a ɗaure shi da ejan:

```sql
ALTER TABLE commissions
ADD UNIQUE KEY agent_day (agent_id, for_date);
```

A fara rubuta layin kwamishan, sannan a ƙara kuɗi a walet, duka biyun a cikin `DB::transaction` ɗaya. In aikin ya sake zuwa da ejan ɗaya da rana ɗaya, rubutun farko zai faɗi, kuɗi ba zai motsa ba. Ka lura wannan umarnin zai ƙi shiga matuƙar layukan 25 ga Oktoba masu maimaici suna nan, sai an fara warware su. Ni ba na goge irin waɗannan, nakan mayar da su wani tebur na ajiya, a walet kuma in rubuta sabon layi na cirewa da bayani a fili, ejan ya gani da idonsa. Ka kira su ka yi musu bayani kafin ka cire, wanda ya riga ya kashe a riƙa cira a kwamishan ɗinsa na gaba kaɗan-kaɗan, mutum ya wayi gari ya ga walet ɗinsa ta yi ƙasa ba sanarwa, ka rasa ejan kenan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Na biyu, a canza tambayar da aikin yake yi. Maimakon "biya na jiya", ya zama "waɗanne ranaku ne suka riga suka ƙare ba a biya ba?", ya biya su ɗaya bayan ɗaya. Da zarar an yi haka za ka iya sa shi ya riƙa tashi kowace awa ma, sau ashirin da uku ya duba ya ga babu aiki ya koma, in wata rana an tsallake kuma tashi na gaba ya cike gurbin. Iyakar ranar ma a rubuta ta a fili da agogon Legas, daga 00:00 na ranar zuwa ƙasa da 00:00 na washegari, kar a ce farkon rana a ƙara daƙiƙa 86,400, don a yankin da ke canza agogo akwai rana mai awa 23 da mai 25.

Ba shafukan intanet kaɗai abin yake kamawa ba. An taɓa kirana wani kamfani a wajen Kakuri, na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata ta wayi gari a ƙarshen Maris tana nuna kowa ya makara da awa ɗaya, masu aikin dare kuma ta ba su awa tara a maimakon takwas. Kwamfutar da na'urar ke ɗaukar lokaci a wurinta an zaɓa mata `(UTC+01:00) Amsterdam, Berlin, Bern, Rome, Stockholm, Vienna`. Mai saitin ya ga +01:00 ya ce ai namu ne. A hunturu namu ne, da bazararsu ta shigo sai su ƙara awa. Namu a Windows shi ne `(UTC+01:00) West Central Africa`. Ka ga Landan tana yaudara a rabin shekara, Balin tana yaudara a ɗaya rabin. Na'urar naɗar kyamarorin tsaro ma tana da wani ɗan akwati mai suna `DST`, wato na canjin agogo, a saitin lokaci, in kana da ita a shago ka leƙa ka tabbata ba a kunna ba, don ranar da za a nemi hoton ƙarfe kaza ba ranar gano wannan ba ce.

Wuri ɗaya ne shawarar UTC take juyewa, shi ne alƙawarin gaba da aka ɗaura da agogon bangon wata ƙasa. In kana da ganawa duk Litinin ƙarfe 9 na safe agogon Landan, abin ajiyewa shi ne 09:00 tare da sunan `Europe/London`, a riƙa lissafa UTC ɗinsa duk mako, tunda a wurinka wata bakwai ƙarfe 9 ce wata biyar ƙarfe 10. Amurka kuma ranakunta daban, Lahadi ta biyu a Maris da Lahadi ta farko a Nuwamba, a 2025 ya kama 9 ga Maris da 2 ga Nuwamba, don haka akwai 'yan makonnin da tazarar Landan da New York take zama awa huɗu maimakon biyar. Dokokin ma gwamnatoci ne ke sauya su, Masar ta dawo da canjin agogo a 2023 bayan ta daina, Maroko kuma tana mayar da agogonta baya da awa ɗaya saboda azumi, ranar na bin watan Ramadan. Shi ya sa ba a rubuta waɗannan ranakun da hannu a cikin manhaja, a bar wa kunshin `tzdata` mai ɗauke da dokokin agogon ƙasashe, a riƙa sabunta shi tare da sauran kayan saba. In wata rana dole ta sa ka tsara aiki da agogon irin waɗannan ƙasashen, ka kauce wa tsakanin sha biyun dare da ƙarfe 4 na asuba na agogonsu, a nan kusan duk tsallen yake faruwa.

Kai dai naka bai kai nan ba. Yau ka duba wuraren nan uku ka ga wanne ne ke ɗauke da Landan, ka nemo `id` ɗin iyaka tun log ɗin Nginx na ranar bai goge kansa ba, don yawanci na mako biyu kawai saba take ajiyewa, sannan maɓallin `UNIQUE` ɗin nan ya shiga kafin 29 ga Maris.